Kan yatsun Baba sun kumbura, farce ya lanƙwashe

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Ringim. Mahaifina shekararsa wajen 62, kan yatsunsa duk sun yi ƙato kamar kan taɓarya, faratan sun lanƙwashe suna sheƙi amma yace basa masa ciwo. Yana tari tun kafin damina, ya rame, kuma da can yana shan taba. Wasu sunce sanyi ne, wasu sunce riƙon fartanya ne. Ni kuma akwai baƙin layi a faratana guda uku, ƙanwata nata kuma wasu ƙananan ramuka ne kamar an caccaka da allura. Dan Allah duk ciwo ɗaya ne muka gada ko yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bawa Baba lafiya ya saka maka da alheri da ka lura. Ba ciwo ɗaya bane, abu uku ne daban daban, kuma a cikin ukun na Baba ne yake da gaggawa, shi nake so ka fara sawa a gaba cikin satin nan, naka da na ƙanwarka zasu iya jira. Dan haka yawancin maganata akansa zata tafi.

Abinda ka gani a hannunsa mu a asibiti kilabin muke ce masa, kuma ba ciwon farce bane sam, dan haka duk man da za'a shafa ko ganyen da za'a ɗaura a yatsa ba inda zai kai. Saƙo ne daga ciki, mafi yawanci daga huhu, wani lokacin daga zuciya, wani lokacin daga hanta ko hanji. Fartanya kanta take sawa a tafin hannu, ta kaurara fata, ta fasa farce, amma bata sa kan yatsu goma su yi ƙwallo gaba ɗaya har da na ƙafa. In riƙon fartanya ne ai da duk dattijan garinku haka hannunsu yake. Kuma ba karkare bane, shi karkare yatsa ɗaya yake kamawa da zogi da ruwa, ya hana mutum bacci. Wannan rashin ciwon da Baba yake faɗa shine ma abinda yake yaudarar mutane, abin yana zuwa a hankali cikin watanni ko shekaru, mai shi ma baya lura sai wani ɗa da ya dawo daga birni ya riƙe hannunsa a gaisuwa yace Baba yaushe yatsunka suka koma haka.

Kafin ku fita ma akwai awon da zaka yi masa a zaure da kanka, ba sai da na'ura ba. Ka fara gwadawa a hannunka. Ka lanƙwasa manuniyarka ta dama da ta hagu ka haɗa su baya da baya, farce ya jingina da farce, gaɓar ƙarshe ta jingina da gaɓar ƙarshe, sai ka ɗaga wajen haske. Zaka ga wata 'yar ƙofa siririya a tsakani daidai gindin faratan, haske yana ratsawa. Dalilin ƙofar shine a lafiyayyen yatsa akwai ɗan kwari inda farce ya fito daga fata, kusurwar wajen tana kusan digiri 160. A mai kilabin naman ƙarƙashin gindin farcen ya ƙaru ya cike kwarin, kusurwar ta miƙe ta kai 180 ko ta wuce, to in ya haɗa yatsun ƙofar nan ta toshe ruf. Wani likitan zuciya na Afirka ta Kudu mai suna Leo Schamroth shi ya bayyana wannan awon a 1976, kuma a jikinsa ya gano shi, lokacin da ƙwayar cuta ta kama masa cikin zuciya yaga ƙofar ta rufe, da ya warke ta dawo. Awo na biyu, ka riƙe yatsan Baba ka ɗan danna fatar gindin farcen kana motsa farcen. Naka zaka ji shi daram. Nasa in kilabin ne zaka ji laushi kamar soso, farcen kamar yana yawo akan ruwa. Ka duba yatsun ƙafa ma, sannan ka duba shin hannu biyun ne ko ɗaya, dan in hannu ɗaya ne kawai hankalinmu yafi tafiya kan jijiyar jinin wannan hannun.

Sai ka tambayi Baba da 'yan'uwansa tambaya ɗaya mai muhimmanci: tun yaushe? Akwai gidajen da gado ne, an haifi mutum da irin yatsun, ubansa haka, kakansa haka, kuma lafiyarsu ƙalau. In akwai tsohon hotonsa, ko na biki ko na tafiya Makka, da hannu ya fito, ku duba. Amma ina gaya maka gaskiya ko da ance gado ne, mutum mai shekara sama da 60 da tarin watanni da rama da tarihin taba, dole a duba ƙirjinsa, da yatsun da babu yatsun.

Me ya haɗa huhu da kan yatsa? Bayanin da masana suka fi karɓa shine, ɓargo yana fitar da wasu manyan ƙwayoyi waɗanda su suke farfashewa su zama ƙananan ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare in an yanke. Manyan nan in sun shiga jini suna zuwa huhu su maƙale a siraran jijiyoyinsa, kamar dai tsaki a rariya, anan suke farfashewa. To in huhun ya lalace, ko akwai ƙari a ciki, ko akwai huda a zuciya da jini yake bi ya tsallake huhu, sai rariyar ta zama ta yage, manyan su wuce su tafi har ƙarshen hanya wato kan yatsu, su maƙale acan suna zubar da sinadarin da yake sa nama da jijiyoyi su yi ta tsirowa. Shi yasa kumburin ba ruwa bane ba kuma mugunya ba, nama ne ya ƙaru, dan haka kar a bari wanzami ya tsaga, ba abinda zai fito sai jini.

Yanzu a wajen Baba abubuwa uku nake tunani a gaba gaba. Tarin fuka wato tibi, musamman wanda ya daɗe yana cin huhu. Sai lalacewar hanyoyin iska ko tarin mugunya a cikin huhu ko a gefensa. Sai kuma wanda bana son faɗa amma ɓoyewa zalunci ne, kansar huhu, saboda tabar nan, kuma a manya masu kilabin tana daga cikin manyan dalilai. Bance ita bace, daga nan ba wanda zai iya cewa, amma dole a nemeta. Akwai kuskuren da nake yawan gani har a wajen ma'aikatan lafiya, a ga dattijo yana tari yana haki a ce asma ce ko a ce tabar da ya sha ce ta toshe masa ƙirji, a bashi abin shaƙa a sallame shi. Asma ita kaɗai bata kawo kilabin. Toshewar ƙirjin masu shan taba ita ma ita kaɗai bata kawowa. In mai ɗaya daga cikinsu yazo da irin yatsun nan to akwai wani abu na biyu a ɓoye, a cigaba da nema.

Abinda zaku yi, ku je babban asibitin da yafi kusa daku da sassafe, ku ce tari ya wuce sati biyu. Ka'idar kenan, duk tarin da ya kai sati biyu ana awon tibi, kuma awon kaki da maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati masu sashen tibi. Sunan awon da zaka gani a takarda GeneXpert, ita na'urar cikin wajen awa biyu take gamawa, sai dai in kai samfurin ake yi wani gari zai iya ɗaukar kwanaki, kuma banda gano tibin tana nuna ko ƙwayar tana jin babban maganin da ake kira rifamfisin ko ta bijire. Inda ake samun matsala wajen bada kakin ne, mutane da yawa miyau suke tofawa a robar, sakamako ya fito babu alhali akwai. Ka fita da Baba waje inda iska take kaɗawa ba cikin ɗaki ba, ya kuskure baki da ruwa, musamman in ya ci goro, ya ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ya yi tari daga can ƙasan ƙirji, abu mai kauri ake so kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Bayan kaki sai hoton ƙirji, shi kam yawanci ana biya, amma dan Allah kar ku tsallake shi, dan a wajen mai kilabin hoton nan daidai yake da kakin wajen muhimmanci. Zasu kuma so yin awon ƙanjamau da na suga, kar Baba ya ji an raina shi, duk wanda ake zargin tibi ana yi masa saboda cutukan suna tafiya tare. Sannan ka nuna wa likitan hannun da kanka, kace likita dubi yatsunsa, domin layi yana da tsawo kuma dattijo hannunsa na cikin babbar riga, sai a gama ganinsa ba'a kalli hannun ba.

In tibi ce, magani wata 6 ne, wata 2 na farko haɗin magani huɗu, wata 4 na baya haɗin biyu, kullum ba fashi. Fitsari zai koma ja ja kamar ruwan lemo, rifamfisin ne ba jini ba, kar a tsorata a daina. Amma in idonsa ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa ko gani ya fara dishi dishi, a koma asibiti ranar. Za'a kuma so duba mutanen gida musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kafin sakamako ya fito a buɗe tagar ɗakinsa, jikoki su daina kwana a wajensa, ya riƙa rufe baki in zai yi tari. Ba sai an ware masa kwano ba, ta iska take bi ba ta kwano ba, kuma ware kwanon nan yana karya zuciyar dattijo ba gaira ba dalili.

To in kuma kaki ya fito babu tibi fa? Nan ne nake so ka riƙe da kyau, domin nan mutanenmu suke cewa alhamdulillahi su koma gida. Bari in baka labarin wani dattijo da na gani lokacin ina aiki a wani asibitin karkara anan Jigawa. Manomi ne, shekara hamsin da 'yan kai, ɗansa ya kawo shi akan babur. Wajen shekara bakwai kafin nan ya yi tibi, ya sha magani ya gama aka sallame shi. Amma tari bai taɓa barinsa gaba ɗaya ba, kuma a shekaru biyun ƙarshe ya ƙaru, kullum yana hanyar kemis ana haɗa masa maganin tari da kafso na kwana uku, ya ɗan lafa ya dawo. Da ya miƙo min hannu muka gaisa naji kan yatsun a tafina tun kafin in kalla. Na sa ya haɗa manuniyoyi, ƙofa a rufe. Na tambaye shi kakin nawa yake fitarwa, ɗan ne ya amsa yace da asuba in ya tashi alwala sai ya kusa cika ƙaramin gwangwanin madara, kore kore mai wari, har uwargidan ta ajiye masa gwangwani da ƙasa a ciki a gefen gado, kuma in ya kwanta ta ɓarin dama tarin yafi taso masa. Wani lokacin da ɗan jirwayen jini. Na sa abin sauraro naji ƙasan huhun hagu yana ƙara kamar ana taka busasshen kara. 'Yar na'urar da muke maƙalawa a yatsa ta nuna iskar jininsa 93, lafiyayye yawanci 95 zuwa sama yake.

Muka aika kaki, babu tibi. Ɗan har ya fara murna zai tada babur, nace a'a tsaya, yatsun nan basu bamu amsa ba tukuna. Hoton ƙirji ya nuna tabon tsohuwar tibi, kuma ƙasan huhun hagu duk ya yi wasu zobba zobba. Muka tura shi Kano aka yi masa babban hoto na siti sikan, ya tabbata hanyoyin iskar wajen sun buɗe sun saki sun zama kamar aljihu, majina tana taruwa a ciki tana ruɓewa. Tibin ta tafi amma ta bar kango. Wannan baya warkewa ya koma sabo, na gaya musu haka ƙarara, amma ana rayuwa dashi. Abinda yafi taimakonsa ma ba kwaya bace. Mun koya masa ya kwanta ta ɓarin dama, ɓangaren mai ciwon yana sama, a sa filo biyu a ƙarƙashin ƙugu yadda ƙirji zai ɗan gangara, ɗan ya kumbura tafin hannu yana bubbuga masa baya a hankali wajen minti goma zuwa sha biyar, safe da yamma kafin cin abinci, sai ya tashi ya fitar. Da shan ruwa sosai, da nisantar hayaƙin murhu da ƙurar sussuka. In kakin ya ƙaru ko ya canza kala ko zazzaɓi ya zo sai a bashi maganin ƙwayoyin cuta cikakke na wajen sati biyu wanda likita ya zaɓa, ba na kwana uku ba. Da ya dawo bayan wata uku warin ya ragu sosai, nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu, yace yanzu yana iya tsayawa sahu ba tare da kunyar tari ba. Yatsun dai suna nan yadda suke, kuma dama na gaya masa kar ya auna sauƙi dasu. Wani in an magance tushen yatsun suna komawa a hankali, wani kuma sun zauna kenan.

Da an sake ɗora mutumin nan akan maganin tibi kawai saboda yana tari, da wata shida ya tafi a banza. Wani abin lura ma ga wanda ya taɓa shan maganin tibi, na'urar tana iya ganin gawar tsohuwar ƙwaya ta ce akwai, shi yasa dole ku faɗa in Baba ya taɓa sha a baya, ko da shekara nawa ne. Haka kuma in aka fara masa maganin tibi bisa hoto kawai, aka yi wata ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, rama na ƙaruwa, kar ku zauna jiran wata shida ya cika, ku koma ku nemi a tura ku gaba, Asibitin Malam Aminu Kano ko Rashid Shekoni a Dutse ko na tarayya dake Birnin Kudu. Kansar huhu sau da yawa a rigar tibi take ɓuya a ƙasar nan, kuma hoton ƙirji na yau da kullum yana iya kuskure ƙaramin ƙari.

In ƙirji ya fito fes gaba ɗaya sai a juya wajen zuciya da hanta. Hanta ana duba ta da awon jini da sikanin ciki, musamman ciwon hanta nau'in B da yake da yawa a cikinmu, alamunta kumburin ciki da na ƙafa da rawayar ido. Zuciya kuma a yara tafi fitowa, yaron da aka haifa da huda a zuciya, zaka ga baya girma, in ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna yana haki, harshe da cikin leɓe sun yi duhu shuɗi shuɗi, ga yatsu kamar na Baba. Irin wannan yaron hoton zuciya yake buƙata ba rubutu da turare kaɗai ba. Mai gudawa ta watanni da jini shima yana iya yin irin yatsun nan.

Amma fa in Baba ya yi tarin jini sosai, ko haki ya hana shi magana yana zaune, ko harshe ya yi duhu, ba maganar jiran gobe, a nemi mota a daren.

Toh naka. Baƙin layi da ya taso daga gindin farce ya miƙe zuwa baki abu ne da ya zama ruwan dare a wajen baƙar fata, kuma yana ƙaruwa da shekaru, in ka duba hannun dattijai a masallaci zaka samu da yawa. Ƙwayoyin da suke ba fatarmu launi akwai su a gindin farce, in wasu suka farka sai su riƙa shafa wa farcen launi yana fitowa. Kasancewar naka a yatsu uku ne ma yafi kwantar min da hankali akan ace ɗaya ne. Ciki yana kawo shi ga mata, wasu magunguna ma haka, kamar haidiroksiyuriya da masu sikila suke sha da zidobudin na ƙanjamau da magungunan kansa, kuma ba'a daina magani saboda layin.

Wanda muke tsoro shine kansar fata mai suna melanoma da take fara wa a ƙarƙashin farce. Bata da yawa, amma kar wani ya ce maka baƙar fata baya yi, mu in ta zo mana a tafin ƙafa da tafin hannu da farce tafi fitowa. Mawaƙin nan Bob Marley a yatsan ƙafa tasa ta fara, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Yadda take zuwa, layi ɗaya a yatsa ɗaya, yawanci babban yatsan hannu ko na ƙafa ko manuniya, sabo a jikin mutumin da ya manyanta, faɗinsa ya wuce milimita 3 kuma yana ƙara faɗi, gindinsa yafi bakinsa faɗi, kalar ba ɗaya ba wani waje baƙi wuluk wani waje ruwan ƙasa, gefensa ba a miƙe ba. Babbar alama kuma ita ce baƙin ya tsallako daga farce ya hau fatar gindi ko ta gefe, ko farcen ya fara tsagewa yana jini. Wannan likitan fata ake kaiwa a yanki ɗan nama daga gindin farcen a auna, ba'a ƙonawa ba'a cire farcen a gida. Kai dai ka ari rula a wajen 'yan makaranta, ka ɗora akan farcen ka ɗauki hoto da waya a hasken rana, bayan wata uku ka sake, in yana nan yadda yake ka bar shi.

Akwai kuma kwanciyar jini, in turmi ko dutse ko ƙofa ta daki farce. Bambance shi da sauƙi ne in kasan cewa farcen hannu wajen milimita 3 yake tsirowa a wata, gaba ɗayansa yana sabuntuwa cikin kamar wata 6, na ƙafa kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka tuna yadda lallen sallah yake a farcen mata, bayan wata biyu zaka ga fari ya fito a gindi jan ya matsa gaba. Jini haka yake yi, yana tafiya da farcen ya bar gindi fes. Layin launi kuwa baya barin gindi tunda daga nan ake shafa shi. Tunda na ambaci lalle, mace in zata je a duba mata farce ta bari ya fita ko ta bar yatsu biyu ba lalle, dan yana rufe mana komai, baƙin lalle da jan farce ma suna iya rikita na'urar auna iska.

Na ƙanwarka, ramuka suna faruwa ne in gindin farce ya samu kumburi yana fitar da farce mai gyambo gyambo a sama. Rami biyu uku a farce ɗaya ba komai bane. In suna da yawa a yatsu da dama, abubuwa uku ake dubawa, kuma duk ba na huhu bane. Na farko ciwon fata da ake kira soriyasis, a sa wata 'yar'uwa mace ta duba mata gwiwar hannu da ta ƙafa da cibiya da bayan kunne da cikin gashi, ana neman tabo mai kauri mai ɓawo fari fari, a fatarmu ba ja yake fitowa ba, yafi kama da toka toka ko duhu, kuma a kai ana ɗaukarsa amosani ne mai naci. Na biyu zubewar gashi a kewaye kamar kwabo, wajen sumul ba ƙaiƙayi ba ɓawo, mai kitso ce take fara gani. Na uku ƙaiƙayin hannu irin na masu yawan wanki da omo. Ba ɗaya a ciki da ake ɗauka, dan haka kar a ƙyamace ta. Tambayar da zaka yi mata ita ce gaɓoɓi, shin yatsu ko dunduniya ko ƙugu suna mata tauri da safe sama da rabin awa, ko wani yatsa ya taɓa kumbura gaba ɗayansa, domin soriyasis yana kama gaɓa, kuma masu shi a farce sun fi haɗuwa da hakan, in aka bari yana lalata gaɓar. In akwai wannan taje asibiti. In babu, ta rage daɗewa da hannu a ruwan omo, ta riƙa shafa basilin bayan wanki, ta yanke farcen gajere, kar a kankare saman da reza wai a goge ramukan, kuma ta guji man nan na kemis mai haɗe haɗe da mata suke shafawa dan haske. Ko an dace da magani ramukan da suka riga suka fito basa cikewa, sai dai sabon farce ya turo su waje, dan haka sai an yi wata shida kafin ace ya yi ko bai yi ba.

Tunda mace ce ka sa a kalli siffar farcen ma. In ya yi siriri ya lotsa a tsakiya kamar cikin cokali har ɗigon ruwa zai zauna, wannan akasin na Baba ne, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yake nunawa, irin na yawan jinin al'ada ko haihuwa kusa kusa ko tsutsar ciki, awon jini mai sauƙi ne yake nuna shi.

Ranar da zaku tafi da Baba ku zuba duk kwalaben maganin tari da kwalayen kafso da ya sha a leda ku tafi dasu, har na gargajiya ku faɗi abinda ya sha, in akwai tsohon kati ko tsohon hoton ƙirji a ƙasan akwati a ɗauko. Ka zauna dashi daren yau ka tambaye shi a tsanake shekara nawa ya yi yana shan taba kuma kara nawa a rana, yaushe ya daina, ko ya taɓa aikin fasa dutse ko haƙar rijiya, yana gumin dare ko baya yi, ya taɓa ganin jini a kaki, ka rubuta a takarda, domin dattijo a gaban likita sai yace lafiya lau, ɗan tari ne kawai. In sakamakon kakin da hoton sun fito ka turo min abinda aka rubuta mu duba tare.